Filash yana da sarari amma ya ƙi karɓar babban fayil

Bilkisu: Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina neman wanda zai warware mini wata matsala. Ina da filash sabo mai GB 32, kuma kwamfuta tana nuna mini cewa akwai sauran GB 28 da ba a taɓa ba. Na kwafi takardu da hotuna sun shiga lafiya, amma da na zo kan wani bidiyon darasi na awa biyu, wanda girmansa GB 6.3 ne, sai kwafin ya ƙi farawa ma, aka rubuto mini wannan saƙo: "The file is too large for the destination file system." Ta yaya fayil mai GB 6.3 zai fi ƙarfin wurin da ke da GB 28 a buɗe?

Nasiru: Wa alaikumus salam. Malama Bilkisu, ina kyautata zaton jabun filash aka sayar miki. Irinsu sun yi yawa yanzu, a rubuta 32 a jiki alhali abin da ke ciki bai wuce 4 ko 8 ba. Idan ba haka ba, to ƙwayar cuta ce ta shiga. Ki mayar wa wanda ya sayar miki tun da wuri.

Malam Habibu: Wa alaikumus salam. Kafin a mayar da kayan mutane, Malama, ki duba mana abu ɗaya. Ki buɗe This PC, ki danna dama a kan filash ɗin, ki zaɓi Properties, sannan ki gaya mana abin da aka rubuta a gaban File system. Saƙon da kika kawo bai yi maganar ƙarancin sarari ba, domin Windows tana da wani saƙo daban da take bayarwa idan wuri ya cika. Wannan yana magana ne a kan tsarin da aka bi wajen shirya filash ɗin.

Bilkisu: Na duba, Malam. An rubuta FAT32.

Malam Habibu: To, shi ke nan, an gano bakin zaren, kuma babu abin da ya lalace. Kowane filash yana da wani tsari da yake bi wajen rubuta sunan kowane fayil, da inda ya fara, da girmansa. A FAT32, gurbin da aka ware domin rubuta girman fayil bit 32 ne kacal, kuma lamba mafi girma da bit 32 za su iya ɗauka ita ce 4,294,967,295. Da bait, wato ƙaramin ma'aunin bayanai, ake ƙirga girman fayil, saboda haka fayil ɗaya ba zai iya wuce wannan adadi na bait ba, wato GB 4 ba bait ɗaya. Abin kamar fom ne da aka tanadi akwatuna huɗu domin rubuta lamba a cikinsa: duk faɗin takardar da ta rage, ba za a iya rubuta abin da ya wuce 9999 ba. Naki bidiyon yana buƙatar lambar da ba za ta shiga gurbin ba, shi ya sa Windows ta duba girmansa tun kafin ta fara, ta ƙi.

Ki lura cewa iyakar tana kan fayil ɗaya ne kawai. Za ki iya zuba fayiloli bakwai masu GB 3.9 kowanne su shiga ba tare da gardama ba, amma ɗaya mai GB 4.1 ba zai shiga ba. Tsarin ya fito ne a shekarar 1996, lokacin da rumbun kwamfuta gaba ɗayansa da ƙyar yake kaiwa GB 2 ko 3, don haka babu wanda ya ga matsala a iyakar GB 4 a wancan zamani. Masu ƙera filash kuma sun ci gaba da fitar da masu GB 32 zuwa ƙasa da wannan tsari saboda kusan kowace na'ura tana karanta shi, daga kwamfuta zuwa talabijin, rediyon mota da injin buga takardu.

Auwal: Malam Habibu ya faɗi gaskiya, amma magana ta yi tsawo. Maganin a taƙaice shi ne a yi wa filash ɗin fomat zuwa NTFS, wanda shi ne ya fi kowane tsari inganci, shi Windows kanta take amfani da shi. FAT32 tsohon yayi ne, ko GB 32 ba ya iya wucewa, shi ya sa ba a ganinsa a manyan filash.

Malam Habibu: Malam Auwal, rabin maganarka daidai ne. NTFS zai karɓi fayil ɗin, babu shakka. Amma batun GB 32 ba iyakar FAT32 ba ce. Tagar fomat ta Windows ce ta daɗe tana ƙin bayar da zaɓin FAT32 ga abin da ya wuce GB 32, alhali tsarin kansa yana iya riƙe rumbu har TB 2, kuma akwai manhajojin da ke yi wa filash mai GB 64 ko 128 fomat da shi. Ina jaddada wannan ne domin mutane suna haɗa iyakoki biyu wuri ɗaya: akwai iyakar girman rumbu, akwai iyakar girman fayil ɗaya. Wanda ya sayi filash mai GB 128 da nufin kuɓuta daga matsalar, idan ya same shi da FAT32, zai sake cin karo da saƙon nan a daidai GB 4.

Abu na biyu, kuma ya fi muhimmanci ga mai tambaya: fomat yana shafe duk abin da ke ciki. Malama Bilkisu ta ce ta riga ta zuba takardu da hotuna. Bai kamata a ce wa mutum ya yi fomat ba tare da an gaya masa ya fara kwashe kayansa ba.

Auwal: Ai idan NTFS ne ba sai an shafe komai ba. A buɗe Command Prompt a matsayin Administrator a rubuta wannan, idan harafin filash ɗin E ne:

```
convert E: /fs:ntfs
```

Fayiloli suna nan yadda suke, tsarin kawai ke canzawa. Na sha yi wa mutane.

Malam Habibu: Wannan gaskiya ne, umarnin yana aiki, kuma na gode da ka kawo shi. Sai dai a san cewa tafiya ce da ba ta da dawowa: babu umarni irinsa da zai mayar da NTFS zuwa FAT32 ba tare da fomat ba, kuma ba ya juyawa zuwa exFAT. Yana kuma buƙatar ɗan sarari a buɗe, sannan idan filash ɗin ya motsa ko kwamfutar ta mutu a tsakiyar aikin, ana iya rasa kayan. Don haka ko da shi za a yi amfani, ajiye kwafi a wani wuri ya fi kwanciyar hankali.

Zainab: Ni ban yarda cewa iyakar GB 4 ce daidai ba. Da Mac nake aiki, kuma makon jiya na zuba fayil mai GB 4.2 a filash mai FAT32 ya shiga, ya kuma buɗe lafiya a wata kwamfutar. Ko dai iyakar ta Windows ce kawai?

Malam Habibu: Malama Zainab, abin da kika gani gaskiya ne, amma iyakar ɗaya ce a ko'ina, ƙirgan ne ya bambanta. Mac tana ɗaukar GB ɗaya a matsayin bait 1,000,000,000, ita kuwa Windows tana ɗaukarsa a matsayin bait 1,073,741,824, duk da cewa dukansu GB suke rubutawa. Fayil ɗinki mai 4.2 a Mac yana da bait kusan 4,200,000,000, wanda bai kai 4,294,967,295 ba, kuma da za ki duba shi a Windows da kin ga an rubuta kusan GB 3.91. A lissafin Mac, iyakar tana kusan GB 4.29. Wanda yake da fayil da ke kusa da bakin iyaka, ya daina kallon GB, ya dubi adadin bait da ake rubutawa a Properties a Windows ko Get Info a Mac. Wannan ne ma ya sa cikakken kwafin faifan DVD mai 4.7 ba ya shiga ta kowane lissafi, domin a Windows ma yana kaiwa kusan 4.37.

Zainab: Na fahimta. Amma ina da ja a kan shawarar Malam Auwal. Idan aka mayar da filash NTFS aka kawo mini, Mac za ta buɗe ta karanta abin da ke ciki, amma ba za ta bar ni in zuba komai ko in goge komai ba sai na sa wata manhaja ta musamman. An taɓa kawo mini irinsa domin in saka aiki a ciki, sai da muka nemi wani filash ɗin. Don haka cewa NTFS ya fi kowane tsari ya danganta da hannun da zai karɓa.

Nasiru: Ku yi haƙuri in dawo kan maganata, domin ban faɗe ta a banza ba. Na taɓa sayen filash da aka rubuta GB 64 a jikinsa, na zuba bidiyoyi masu yawa, kwafi ya kammala babu wani saƙo. Da na zo buɗewa, na farko-farko suna aiki, sauran kuwa sunayensu suna nan, girmansu yana nan, amma ba sa buɗewa. Ta yaya za a tabbatar cewa na Malama Bilkisu ba irinsa ba ne?

Malam Habibu: Labarinka da kansa ya ba da amsa, Malam Nasiru. Jabun filash ba ya ƙin karɓa, wannan shi ne haɗarinsa. An sauya masa bayanin da yake ba kwamfuta ne domin ya yi iƙirarin girman da ba shi da shi, sai ya yi ta karɓar kaya yana zubarwa ko yana rubutawa a kan na baya, kuma ba a sani sai an zo buɗewa. Iyakar FAT32 kuwa tana fitowa fili da saƙo, kuma manyan fayiloli kawai take taɓawa. Ba na cewa filash ɗin Malama na gaske ne, ban gwada shi ba, ina cewa saƙon da ta gani ba shaidar jabu ba ce. Idan tana son tabbaci, akwai manhajojin H2testw a Windows da F3 a Linux da Mac, waɗanda ke cika filash da bayanai sannan su sake karantawa su faɗi adadin da ya dawo daidai. Gwajin yana ɗaukar lokaci, kuma a kan filash da babu komai a ciki ya kamata a yi shi.

Isma'il: Ina so in ƙara wani abu ga masu Linux, domin a wurinmu matsalar ba ta cika zuwa da ladabi irin na Windows ba. Idan ka yi amfani da umarnin `cp` ka kwafi fayil mai GB 6 zuwa FAT32, zai fara aiki kamar babu komai, ya yi ta rubutawa har ya kai GB 4, sannan ya tsaya da "File too large". Abin da ya fi muni shi ne guntun da ya rubuta yana nan a filash ɗin da cikakken sunansa. Wanda bai kula da saƙon ba zai cire filash ya tafi da shi yana zaton ya gama. Alamar da nake dubawa ita ce girman: idan na ga fayil ya tsaya a daidai bait 4,294,967,295, na san yankakke ne. Haka kuma yake faruwa ga wanda ya saita burawuza ta sauke babban fayil kai tsaye cikin filash, ko ya warware fayil ɗin zip a ciki. Zip ɗin yana iya zama GB 3 ya shiga lafiya, amma abin da ke cikinsa idan ya warware ya kai GB 5, sai ya yanke a hanya, mutum ya yi ta zargin intanet.

Bilkisu: Na gode muku duka. To yanzu wanne zan zaɓa? Bidiyon zan ba wata abokiyar aikina da ke amfani da Windows, amma kuma muna so mu sa filash ɗin a talabijin ɗin ɗakin taro domin a kalla tare.

Malam Habibu: Da kwamfuta kawai ce, da na ce exFAT ba tare da dogon tunani ba. Microsoft ta fitar da shi a 2006 musamman domin filash da katin ajiya, girman fayil a cikinsa da bit 64 ake rubuta shi, don haka babu fayil ɗin da za ki mallaka da zai kai iyakarsa. Windows da Mac suna karantawa suna rubutawa a kansa, Linux ma ta shigar da shi cikin ainihin tsarinta bayan da aka buɗe bayanin tsarin a 2019. Shi ne kuma ke zuwa a katunan SDXC, wato waɗanda suka wuce GB 32.

Yadda za ki yi shi ne ki fara kwashe takardu da hotunan zuwa wata folda a kwamfuta, ki buɗe biyu ko uku ki tabbatar sun iso lafiya. Daga nan ki danna dama a kan filash ɗin, ki zaɓi Format, a ƙarƙashin File system ki zaɓi exFAT, ki bar Allocation unit size yadda yake, ki bar alamar Quick Format, ki danna Start. Ki dubi harafin da kyau kafin ki amince, musamman idan akwai wani rumbu a jone, domin a nan ne mutane suke shafe abin da ba su yi niyya ba. Cikin daƙiƙoƙi zai gama, sai ki mayar da kayanki ki ƙara da bidiyon. Ki riƙa yin Eject kafin ki zare shi, saboda exFAT ba ya ajiye tarihin rubutun da yake kan yi kamar yadda NTFS ke yi, kuma zare shi ana cikin rubutu yana iya ɓata jerin fayilolin.

Talabijin ɗin ne ban iya yi miki alkawari a kansa ba. Waɗansu suna karanta exFAT, waɗansu FAT32 da NTFS kawai suka sani, tsofaffi kuma FAT32 kaɗai. Littafin da ya zo da shi yakan faɗa a sashen USB.

Nasiru: Me zai hana ta matse bidiyon da zip ya ragu ƙasa da GB 4? Sai a huta da fomat gaba ɗaya.

Isma'il: Ba zai ragu ba, ɗan uwa. Bidiyo irin MP4 an riga an matse shi tun wurin ɗauka, don haka idan ka sa mai GB 6.3 a zip, abin da zai fito bai yi nisa da 6.3 ba. Abin da 7-Zip, manhajar matse fayiloli, zai iya yi shi ne ya yanka shi gunduwa-gunduwa ta wurin da aka rubuta "Split to volumes, bytes", misali ka sa 3500M, ya ba ka fayiloli biyu da za su shiga FAT32. Amma wannan na jigila ne kawai: dole mai karɓa ya kwashe su zuwa kwamfutarsa ya haɗa da 7-Zip, kuma talabijin bai san abin da zai yi da su ba. Idan ana son gunduwoyin da kowanne zai kunnu da kansa, bidiyon za a yanka ta lokaci. Da ffmpeg, manhajar sarrafa bidiyo, haka ake yi:

```
ffmpeg -i darasi.mp4 -c copy -f segment -segment_time 3600 -reset_timestamps 1 kashi%02d.mp4
```

Wannan yana raba shi awa-awa ba tare da ya sake sarrafa hoton ba, don haka ingancin ba ya raguwa kuma ba ya daɗewa. Bidiyon awa biyu mai GB 6.3 zai fito kashi biyu, kowanne kusan GB 3.2. Kyamarori da yawa masu kati FAT32 da kansu suke yin irin wannan rabon suna cikin ɗauka, shi ya sa ake ganin taro ɗaya ya fito fayiloli uku ko huɗu.

Bilkisu: Ga yadda ta kaya. Na kwashe kayana, na yi fomat zuwa exFAT, bidiyon ya shiga cikin 'yan mintuna, kuma ya buɗe a kwamfutar abokiyar aikina har ƙarshe. Amma da muka sa a talabijin, ko alamar filash ɗin bai nuna ba, alhali kafin fomat yana nuna hotunan da ke ciki. Littafinsa kuma ba mu same shi ba.

Auwal: Ai abin da na faɗa tun farko ke nan. Da NTFS aka yi da yanzu ana kallo. Talabijin da yawa da ba su san exFAT ba suna karanta NTFS, kuma tunda abokiyar aikin Windows take amfani da ita, matsalar Mac da Malama Zainab ta kawo ba ta shafi wannan aikin ba.

Malam Habibu: A wannan yanayin hujjarka tana da ƙarfi, Malam Auwal, kuma gwajin ba shi da wahala tunda kwafin komai yana kwamfuta: a sake fomat zuwa NTFS, a fara zuba ƙaramin bidiyo ɗaya a gani ko talabijin zai nuna shi, kafin a ɓata lokaci wajen kwafe babban. Amma abin da muka tabbatar zuwa yanzu shi ne talabijin ɗin yana karanta FAT32, domin ya nuna hotuna a dā. NTFS zato ne har sai an gwada. Idan taron ya matso kuma dama ɗaya ce ta gwaji, ni hanyar Malam Isma'il zan bi, in mayar da filash ɗin FAT32 in zuba kashi biyun.

Auwal: Ni dai ban ga dalilin yanka darasi biyu ba, a tsaya ana neman kashi na biyu da rimot a gaban mutane.

Zainab: Akwai kuma abin da ba a taɓo ba. Ko talabijin ya ga filash ɗin, ba dole ne ya iya kunna bidiyon ba, domin MP4 suna ne na mazubi kawai, kuma tsohon talabijin yana iya kasa buɗe wanda aka matse da tsarin H.265 alhali yana buɗe na H.264. Malama Bilkisu, ƙaramin bidiyon da za ki gwada da shi ya kasance daga na'urar da ta ɗauki darasin, ba wani daban ba.

Bilkisu: Ina da wani gajere da aka ɗauka da kyamarar a rana ɗaya, da shi zan gwada NTFS gobe da safe idan an buɗe ɗakin taron. Malam Isma'il, idan bai yi ba zan buƙaci ka nuna mini yadda ake sa ffmpeg a Windows, domin na rubuta umarnin a Command Prompt ta ce ba ta san shi ba.